Duban taurari: me ya sa kowa ke ganin da shi ake, kuma ina zancen ya tsaya in an zo ga aure?

Wanda ya taɓa aikin gwamnati a Damargu cikin shekarun 1990 bai manta yadda jarida ke isowa ba. Takan baro Yamai, ta kwana Damagaram, ta jira motar da za ta yi arewa, kafin ta kai hannun malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti a Belbeji sati ya wuce, wani lokaci biyu. Labarin siyasar da ke ciki ya tsufa, an riga an ji shi a rediyo. Amma akwai wani ɗan fili a shafukan baya na mujallun faransanci wanda ba ya tsufa, shi ne filin duban taurari, wanda masu faransanci ke ce wa oroskof. Mutum ya nemi burujinsa ya karanta, ya gyaɗa kai ya ce wallahi haka satin nan ya zo mini. Ba ya ko lura da cewa satin da aka yi wa duban ya shige tun kwana goma, kuma wanda ya rubuta shi yana Paris ko Abijan, bai taɓa jin sunan Tarka ba.

Yau jaridar takarda ta yi ƙaranci, amma duban ya koma cikin wayar hannu. Gefe guda kuma namu na gida yana nan inda yake tun kaka da kakanni: hisabi, bugun ƙasa, da lissafin sunan yaro da yarinya kafin a kai kuɗin aure. Tambayar da muke so mu bi a nan ita ce: ta yaya magana guda take dacewa da dubban mutanen da ba su san juna ba? Amsar tana da suna a wajen masana halayyar ɗan Adam, kuma tana da tarihi mai ban dariya. In an zo ga aure kuwa, dariyar takan ƙare.

Takarda guda, ɗalibai 39

A shekarar 1948 wani malamin ilimin halayya a Amirka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa su 39 wasu tambayoyi su amsa, ya ce da su zai auna halin kowannensu. Bayan sati guda ya miƙa wa kowa takardarsa da sunansa a sama, ɗauke da jimloli 13 masu bayanin halinsa. Ya ce kowa ya ba takardar maki daga 0 zuwa 5, gwargwadon yadda ta faɗi gaskiya a kansa. Da aka haɗa makin aka raba, sai ya tashi kusan 4,3. Wato kusan duk ajin sun ce an san su ciki da waje. Sa'an nan malamin ya sa aka karanta wata takarda da ƙarfi, sai kowa ya ga ashe irin tasa ce, kalma da kalma. Bai ko dubi amsoshinsu ba wajen rubuta ta. Yawancin jimlolin ya tsamo su ne daga wani ɗan littafin duban taurari da ya saya wajen mai sayar da jaridu. An buga sakamakon a 1949.

A 1956 wani masanin, Paul Meehl, ya yaɗa sunan da aka san abin da shi har yau: tasirin Barnum. Shi Barnum ɗin mai wasannin nishaɗi ne a Amirka ta ƙarni na 19, wanda ya yi suna da tara abubuwan kallo iri iri, ta yadda duk wanda ya biya ya shiga zai samu abin da ya yi masa daɗi.

Domin mai karatu ya ji abin a jikinsa, ga wani bayani da na tsara da kaina, ya karanta ya ba shi maki. Kai mutum ne mai son jama'a, amma akwai lokacin da kake so a ƙyale ka kai kaɗai. Ka taimaki mutane da yawa waɗanda ba su gode ba, kuma akwai wani na kusa da kai da ke yi maka dariya a fuska alhali zuciyarsa ba ta tare da kai. Kuɗi na shigowa hannunka, amma ba sa zama. Kana da haƙuri, sai dai in aka kai ka bango ba a gane ka. Akwai wata shawara da ka yanke a baya wadda har yanzu kana tambayar kanka ko daidai ka yi. Abin da ka kai a yau bai kai abin da Allah ya hore maka na basira ba.

Ɗan kasuwar hatsi a Belbeji zai ce da shi ake. Sakataren ofis a Tanut zai ce da shi ake. Mai raƙuman da ya sauko daga Agadas ma haka. Ba domin wauta ba ne, domin kowace jimla an gina ta ne ta yadda ba za ta faɗi ba. Ta farko tana da fuska biyu: son jama'a da son kaɗaici, ta rufe duk ƙofofin, babu mahalukin da ba ya ɗaya daga ciki wani lokaci. Ta biyu da ta uku gaskiya ne ga kusan duk wanda ya kai shekara talatin yana ciyar da gida. Wa bai taɓa yin alherin da aka manta ba, kuma wane ma'aikaci ne albashinsa ke kai shi ƙarshen wata? Ta ƙarshe yabo ce da aka sa wa rigar suka. Tana ce maka ka fi yadda duniya ta ɗauke ka, kuma babu mai musun wannan. Gwaje-gwajen da suka biyo bayan na Forer sun nuna cewa mutane sun fi karɓar bayanin in yabo ya rinjaya a ciki, in sun ɗauka domin su kaɗai aka yi shi, kuma in suna ganin girman wanda ya ba su.

Babban aikin kuwa mai sauraro ne ke yin sa. Mai duba ya ce akwai wani na kusa da kai, kai ne za ka kawo sunan, ka tuna bashin da ya ci a kakar bara, ka tuna kallon da ya yi maka a wajen suna. Ka fita kana cewa malam ya faɗa mini maganar wane, alhali malam bai ambaci kowa ba. Ya ba ka buhu babu kome, ka zuba naka geron, ka koma gida kana mamakin yadda aka san irin geronka. Abin da bai dace ba kuma cikin maganar, kafin ka kai ƙofar gida ka manta da shi.

Taurarin likita Petiot

Masu karatunmu da suka saba da jaridun Faransa za su fi jin daɗin wannan. A 1968 wani mai bincike, Michel Gauquelin, ya sa talla a jaridar Ici Paris cewa duk mai son a yi masa duba na musamman kyauta ya aiko da sunansa da ranar haihuwarsa da wurin. Mutane suka aiko. Ya mayar wa kowa da dogon bayani, tare da tambaya ko ya ga kansa a ciki. Cikin amsoshi wajen 150 da ya tattara, kashi 94 bisa ɗari suka ce bayanin ya dace da su, kuma wajen kashi 90 suka ce iyalinsu da abokansu ma sun yarda da haka.

Bayani guda ne aka aika wa kowa. An fitar da shi ne bisa ranar haihuwar Marcel Petiot, wanda aka haifa a Auxerre ran 17 ga Janairu 1897, likitan da ya riƙa yaudarar masu neman tserewa daga Paris lokacin mamayar Jamus, yana karɓar dukiyarsu yana kashe su. Kotu ta same shi da kisan mutum fiye da ashirin, aka sare masa kai a 1946. Mutanen kirki, iyayen gida, suka karanta taurarin wannan mutum suka ce su ne.

Mu da aka haifa «wajen shekara kaza»

A ƙasarmu akwai wata matsalar da ta riga duk waɗannan. Duban jarida yana tsaye ne kan ranar haihuwa, mu kuwa da yawanmu ba mu da ita. Wanda aka haifa a wani ƙauyen Damargu ko a ruga a shekarun 1960 ko 1970, ba a rubuta shi ranar ba. Sai da zai shiga makaranta aka yi masa takardar kotu madadin ta haihuwa, aka dubi tsayinsa da haƙoransa aka rubuta an haife shi wajen shekara kaza. Da aka zo zamanin takardun da inji ke bugawa, masu neman rana da wata dole, sai aka cike gurbin da 1 ga Janairu. Duk ofishin da ka shiga a Damagaram ko Tanut, ka tambayi katin ma'aikata, za ka sha mamakin yawan masu wannan rana.

A lissafin jaridu, 1 ga Janairu tana cikin burujin Jadyu, wanda suke zanawa da siffar bunsuru. Ke nan rabin ofis bunsuru ne a takarda, ko da uwar wani ta ce ana cikin shuka ta haife shi, wani kuma ana cikin girbi. Duk da haka suna karanta bayanin Jadyu, cewa mai haƙuri ne, mai son aiki, mai riƙe sirri, suna cewa haka muke. Babu gwajin da ya fi wannan sauƙi, kuma gwamnati ce ta shirya mana shi ba da niyya ba. Ƙari a kan haka, masana sararin sama sun san cewa tun da aka tsara burujan nan shekara wajen dubu biyu da suka wuce, lissafin ya goce da kusan buruji guda saboda karkatar da duniya ke yi sannu a hankali. Ran 1 ga Janairu, rana tana gaban taurarin Ƙausu ne, ba na Jadyu ba.

Kada a haɗa wannan da sanin taurari na manoma da matafiya. Tsohon da ke duban Kaza da Ƴaƴanta domin ya san inda shekara ta kai, ko madugun da ke riƙe hanya da tauraro cikin dare, maganarsu tana iya faɗuwa kowa ya gani: in ya yi kuskure ayari ya ɓata. Maganar da za ta iya faɗuwa, in ta tsaya, tana da daraja.

Lissafin suna kafin aure

Hisabin gida ya kauce wa matsalar ranar haihuwa da dabara, domin shi da suna yake aiki. Ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna har Masar da rubuce-rubucensa kan lissafi da hatimi da taurari. Ɗan littafin da ake jingina wa Abu Ma'ashar, masanin taurarin Bagadaza na ƙarni na 9, yana cikin waɗanda masu hisabi ke amfani da su. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce: kowane harafin Larabci yana da adadinsa. A haɗa adadin sunan mutum da na sunan mahaifiyarsa, a yi ta zubar da sha biyu sha biyu, abin da ya rage shi ne burujinsa. In 1 ya rage Hamalu ne, 2 Sauru, haka har 12. Burujan kuma an raba su ga ɗabi'u huɗu bi da bi: wuta, ƙasa, iska, ruwa. Aka ce wuta da iska suna tafiya tare, ƙasa da ruwa haka, amma wuta da ruwa, ko ƙasa da iska, kishiyoyi ne.

Mu yi lissafin da sunayen misali, ba na kowa ba. Yaro Musa, mahaifiyarsa A'isha. Yarinya Zainabu, mahaifiyarta Maryamu. Mu bi adadin Magariba, wanda malaman ƙasashenmu suka gada.

Zainabu a rubutun Larabci haruffa huɗu ne: 7, 10, 50 da 2, jimla 69. Maryamu: 40, 200, 10 da 40, jimla 290. An haɗa 359. A zubar da sha biyu sau 29, wato 348, saura 11. Buruji na 11 Dalwu ne, ɗabi'arsa iska.

Musa: 40, 6, 300 da 10, jimla 356. A'isha: 70, 1, 10, 1000, sai harafin ƙarshe, ɗaurarriyar ta. A nan gizo ke saƙar. Wasu masu hisabi suna ƙirga ta a matsayin ha, domin haka siffarta take, su ba ta 5. Wasu suna ƙirga ta a matsayin ta, kamar yadda muke furtawa in mun ce A'ishatu, su ba ta 400. In 5 ce, sunan uwar ya tashi 1086, a haɗa da 356 ya zama 1442, a zubar da 1440, saura 2. Musa Sauru ne, ɗabi'arsa ƙasa. Ƙasa da iskar Zainabu ba su jituwa, sai a ce wa iyaye auren nan akwai wahala a ciki. In kuwa 400 ce, jimlar ta zama 1837, a zubar da 1836, saura 1. Musa Hamalu ne, ɗabi'arsa wuta, iska kuwa ita ke hura wuta, sai a ce a ɗaura, arziki na tafe.

Yaro guda, yarinya guda, iyaye mata ba su canza ba, amma hukunci biyu masu karo da juna, kuma abin da ya raba su ɗigo biyu ne a kan harafi. Ba mu ma taɓo bambancin adadin Magariba da na Gabas ba, inda shinun da ke cikin A'isha yake 300 maimakon 1000, Musa ya tashi a buruji na 10. Ba mu kuma tambayi wane suna za a ɗauka ba ga wadda aka raɗa wa A'isha amma duk duniya Indo ko Shatu take ce mata. Abin lura shi ne, ko wanne aka faɗa wa Musa zai ga kansa a ciki. In an ce shi ƙasa ne, mai nauyi, mai haƙuri, zai tuna haƙurinsa. In an ce wuta ne, mai zuciya, zai tuna ranar da ya yi faɗa a tasha.

Inda bayanin Barnum ya tsaya

A nan ya kamata mu yi adalci, domin akwai masu jin labarin Forer su ɗauka an gama magana. Ba a gama ba. Abin da Forer ya nuna guda ne: jin da mutum ya yi cewa an faɗi gaskiya a kansa ba hujja ba ce. Bai nuna cewa taurari ba su da tasiri ba. Ya dai rushe shaidar da aka fi kawowa. Domin a san ko duba yana gane wani abu, sai an yi wani gwajin dabam, wanda ba ya dogara da gyaɗa kan mai sauraro. Irinsa ne wanda Shawn Carlson ya buga a mujallar Nature a 1985: an ba masana taurari taswirar haihuwar mutum tare da bayanin halin mutum uku, su zaɓi nasa. Sun dace wajen sau ɗaya cikin uku, daidai da wanda ya rufe ido ya nuna.

Maganar aure kuma ta bambanta da maganar hali. In an ce kana da haƙuri, kai ne alƙali, kuma in an yi kuskure babu wanda ya cutu. In an ce wane da wance ba za su zauna ba, an yi da'awa a kan abin da ake iya ƙirgawa. David Voas, wanda a lokacin yake jami'ar Manchester, ya ƙirga. A 2007 ya ɗauki ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2001, ma'aurata wajen miliyan goma, ya duba ko masu wani buruji sun fi zama da masu wani. Haɗin buruji da buruji kashi 144 ne, kuma da wannan yawan jama'a ko ɗan ƙaramin tasiri zai fito. Da farko ya ga ɗan rinjaye na masu buruji ɗaya da matansu. Da ya bi diddigi sai ya tarar kuskuren cike takarda ne: wani maigidan yakan rubuta ranar haihuwarsa a gurbin ta matarsa, wasu takardun kuma da ba su da rana an cike su da 1 ga wata, musamman 1 ga Janairu. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Da aka cire waɗannan, babu abin da ya rage.

To me ya sa a garuruwanmu ake cewa malam wane bai taɓa faɗin aure ya saɓa ba? Akwai dalilai da ba su shafi Barnum ba ko kaɗan. Na farko, auren da aka ce kada a yi, ba a yi shi ba, don haka babu wanda zai taɓa sanin yadda zai kasance. Rabin hukuncin mai duba ba ya fuskantar jarrabawa har abada. Na biyu, kowane aure yana da ranar daɗi da ranar ɓacin rai. In an ce akwai wahala, faɗan farko ya tabbatar. In an ce akwai alheri sai dai a yi haƙuri, duk abin da ya faru ya shiga ciki. Na uku, kuma wannan sai wanda ya zauna ƙaramin gari ya san shi: a wuri kamar Belbeji mai duba ya san gidajen biyu. Ya san uban yaron yana da zafin hannu, ya san uwar yarinyar ba ta so, ya san wa ke bin wa bashi. In ya zana ƙasa ya ce taurari ba su haɗu ba, sau da yawa gaskiya yake faɗa, amma daga kunnensa ta fito. Wani lokaci ma iyaye ne ke neman hanyar ƙin aure ba tare da sun ɓata zumunci ba, sai a ɗora wa taurari, su da ba su da dangi a gari. A ganina wannan ne aikin da hisabi ya fi yi a cikin al'umma, kuma shi ya sa bai mutu ba.

Amma hukuncin yana da kaifi, kuma yawanci mace yake yanka. Duk mun san kalmar farar ƙafa, mun san kishiyarta goshi. In aka ɗaura aure bayan an ce tauraruwar yarinya ba ta da kyau, uwar miji ta riga ta buɗe littafi. Damina ta yi gardama, wanda a Damargu ba baƙon abu ba ne, a ce ƙafarta. Gero ya faɗi a kasuwa bayan maigida ya tara, a ce ƙafarta. Shekarar da aka cika rumbu kuwa ba a rubuta mata. Mijin da ake yi wa wannan karatu safe da yamma yakan fara janye jiki, ita ma ta ga an canza mata ta canza, sai a kai ga saki, a ce ai dama malam ya faɗa. Maganar ce ta haifi abin da ta yi hasashe. Kada a ce wannan halin talakawan Afirka ne. A Japan akwai camfin cewa macen da aka haifa a shekarar dokin wuta takan zama ajalin mijinta, kuma da shekarar ta zagayo a 1966, haihuwa a ƙasar ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, domin iyaye suna tsoron haifar ɗiyar da ba za ta samu miji ba.

Malaman addini sun riga masana halayya magana a kan wannan, ta wata fuskar. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da mai zuwa wajen ɗan duba, da sallarsa ta kwana arba'in, sananne ne ga duk almajiri. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi suka mai tsanani ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari. Abin da shari'a ta bari shi ne istihara da shawara da bincike, kuma istihara addu'a ce da mai neman auren ke yi da kansa, ba ta da alaƙa da lissafin suna, ko da yake wasu sun mayar da sunanta inuwar da suke sayar da duba a ƙarƙashinta.

In ana son a ga yadda hasashe na gaske a kan ma'aurata yake, a dubi awon jini na ciwon sikila. In namiji da mace duk suna ɗauke da rabin ƙwayar ciwon, wato abin da takardar asibiti ke rubutawa AS, kowane cikin da matar ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Maganar ba ta da daɗi, ba ta da fuska biyu, ba ta dace da kowa ba, kuma in an kai jinin wani ɗakin awo dabam amsa guda za a samu. Ba ta ce za su so juna ko ba za su so ba. Abu guda ta sani, ta faɗe shi da adadinsa, ta tsaya nan.

Wanda ke son ya auna da kansa, ba ya bukatar jami'a. Ya samu mutum goma sha biyu a majalisarsu ta shayi waɗanda suka san ranar haihuwarsu ta gaske. Ya kwafe bayanin burujai goma sha biyu na sati guda a takardu dabam dabam, ya cire sunayen burujan da duk wata alama, ya sa lamba a bayan kowace, ya ajiye makullin lambobin a aljihunsa. Kowa ya karanta duka ya zaɓi wadda ta fi kama da shi, ba tare da shawara da na kusa ba. In sa'a ce kawai ke aiki, cikin sha biyun wajen mutum ɗaya zai faɗa kan tasa, wani zagayen biyu, wani zagayen babu ko ɗaya. Ga ma'aurata kuma haka: a ba masu hisabi biyu da ba su san juna ba sunayen gidaje ashirin na wani gari mai nisa, goma da suka shekara ashirin tare, goma da suka rabu, ba tare da an gaya musu wanne ne wanne ba. Mai canki-canka zai dace a wajen goma cikin ashirin. Kafin ma a kai ga ƙirga wannan, a fara duba gida nawa masu hisabin biyu suka yi wa hukunci iri ɗaya.